In Aminci Ya Ƙare, Sallama Ta Saura

Irin wannan saƙo galibi da daddare yake shigowa, bayan an yi sallar isha'i gida ya yi tsit. Mu ɗauki misalin ƙawaye biyu da suka shaƙu tun suna makarantar kwana, yau shekara 15 ke nan. Ɗaya ta rubuto wa ɗaya ta WhatsApp: “Na daɗe ina tunani. Abin da ke tsakaninmu ya ƙare. Don Allah kada ki sake kirana.” An karanta, shuɗin maki biyu sun nuna, mai saƙon ta san an gani. Saura amsa.

Duk wanda a cikinmu ya taɓa samun irin wannan saƙo ya san amsoshi biyu ne ke rige-rigen zuwa yatsa. Ta farko roƙo ce: me na yi miki, ki tuna zamanmu, don girman Allah ki saurare ni, sai kira goma da saƙon murya na minti bakwai cikin kuka. Ta biyu ɗaci ce: dama na san halinki, bayan duk abin da na yi miki, Allah ya isa. In aka kasa faɗa mata kai tsaye, sai a koma Status a yi ta zuba habaici, kowa ya gani na awa 24.

Muna ɗauka waɗannan amsoshi kishiyoyin juna ne, ɗaya rauni, ɗaya jarumta. Amma in mun duba da kyau, tushensu guda ne. Dukansu suna cewa: kina da bashina, ba ki da ikon tafiya. Mai roƙo na neman a biya ta da tausayi, mai ɗaci na neman a biya ta da kunya. A nan kuskuren yake. Dangantakar jini ba mu muka zaɓa ba, shi ya sa ba ta warwaruwa. Aminci kuwa kyauta ce da mutum biyu ke miƙa wa juna kullum da son ransu. Ranar da ɗaya ya janye hannunsa, ba abin da ya ƙwace mana da za mu kai ƙara a kai. Ƙawar da roƙo ya dawo da ita za ta zauna ne zaman mai gadin majinyaci, kuma mu duka biyu za mu sani.

Sai dai akwai abin da lallai ake bin juna, kuma shi ne aikin amsar. Abu uku ne: a karɓi hukuncin, a sauke amana, a bar ƙofar gaisuwa a buɗe.

Mu koma kan misalinmu. A ce wadda aka rubuto wa tana riƙe da naira 40,000 da ta ranta a wajen ƙawar, da manyan kuloli biyu da ta aro lokacin suna, ga kuma sirrin aurenta da ba wanda ya sani sai ita. Ta bari gari ya waye, ta yi harkokinta, da yamma ta rubuta: “Salamu alaikum. Na ga saƙonki, ya yi mini zafi, amma na karɓa. Na gode da zaman da muka yi. Kuɗinki zan turo ranar Juma'a, kuloli kuma ƙanena zai kawo gobe. Abin da kika taɓa faɗa mini yana nan a rufe. Inda na saɓa miki ki yafe mini, ni ma na yafe. Allah ya sa hakan ya zama alheri.”

Kowane layi a nan yana da dalilinsa. Ta ce ya yi mata zafi sau ɗaya tak, domin yin kamar ba a damu ba shi ma habaici ne, kuma ƙarya ce. Ta ambaci ranar biyan kuɗi, domin bashin da ba a sa masa rana ba igiya ce da za ta ci gaba da ɗaure su. Ta aiki ƙanenta maimakon ta kai da kanta, domin kai kula da kanta zai zama dabarar neman ganawa da wadda ta ce ba ta so. Batun sirri kuwa shi ne mafi nauyi. Mai yanke aminci tana kwana da tsoron abin da aka sani a kanta, kuma cire mata wannan tsoro shi ne karamci na ƙarshe da za mu iya yi mata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wani zai ce ai neman gafarar ma roƙo ne. Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Mu karanta abin da muka rubuta, mu duba ko akwai jimlar da ke tilasta mata ta amsa. “Ki yafe mini” tana tsayawa da ƙafarta ko da ba a ce komai ba. “Ki yafe mini mu koma yadda muke” ciniki ne. Duk alamar tambaya da muka gani a saƙon, mu tuhume ta. Haka ma kalmar “amma” in ta biyo bayan godiya, domin a bayanta ɗaci ke laɓewa.

To in an yanke mu ne a kan ƙarya fa? A ce wata ce ta kai tsegumin da ba mu yi ba. Mutunci bai ce mu amsa laifin da ba namu ba. Layi ɗaya ya isa: “Maganar da aka kawo miki ban faɗe ta ba, in wata rana kina son ji daga bakina, ina nan.” A faɗa sau ɗaya, ba tare da turo hotunan tsofaffin hirarraki ko kiran shaidu ba. In akwai babba da ku duka kuke jin nauyinsa, sulhu aikinsa ne, kuma ido da ido ake yin sa.

Batun lokaci ma yana da iyaka biyu. Kada a amsa a daren da saƙon ya zo. Magana zarar bunu ce, kuma ko da WhatsApp ya ba da damar goge saƙo, bai hana a ɗauki hotonsa kafin a goge ba. Rubutu ya fi saƙon murya, domin murya na rawa, kuma mai magana ba ya ganin tsawon abin da ya faɗa. Amma kada a ja shirun ya yi tsawo. Mun tashi da sanin cewa addini ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, kuma ya fifita wanda ya fara sallama. Wannan ba ya nufin dole a ci gaba da shaƙuwa. Aminci na iya mutuwa, gaba ce aka hana ta haihuwa a kan kabarinsa.

Shi ya sa jarrabawar amsar ba a waya take ƙarewa ba. Garuruwanmu ƙanana ne ko da sun yi girma. Bayan wata huɗu za a haɗu a gidan biki ko zaman makoki, tabarma ɗaya, mutane na kallo. Wadda ta yi roƙo za ta sunkuyar da kai, wadda ta yi zagi za ta canza wurin zama. Wadda ta biya kuɗi ranar Juma'a, ta riƙe bakinta, ita ce za ta iya ɗaga ido ta ce, “Ina wuni, ya yara?” sannan ta juya ta ci gaba da gaisawa da sauran jama'a.