Abin Lura: Godiyar Minti Biyu

Ango da amarya kan ɗauki saƙon godiya a bidiyo, a haska a wurin walima. Saƙon da ya wuce minti biyu yakan ɓace cikin ƙarar cokula da hirar zumunci, don haka sai an zauna an rubuta, an zaɓi abin da za a faɗa.

A ce ango ɗan Ƙanƙara ne, amarya 'yar Faskari, kawunnanta kuma suna Sabuwa. Jerin godiyar yana da tsari. Bayan hamdala da salati sai iyaye, na amarya kafin na ango idan ango ne ke magana. Sai waliyyi da wakili da limamin da ya ɗaura aure, sannan gwaggwanni da kawunnai, abokai da ƙawaye a ƙarshe. Ba a kiran sunan babba gatsal. «Baba Malam» ko «Gwaggo ta Daudawa» ya isa, kowa ya san wanda ake nufi. Kunya takan hana amarya ambaton surukai, sai ango ya ɗauke mata wannan.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafo sunaye. Ka kira goma ka manta ɗaya, wannan ɗayan ne za a tafi da shi a baki. Maganin shi ne a gode wa mutane rukuni-rukuni, a faɗi aikin da suka yi: «Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, da matasan da suka kafa rumfa, mun ga wahalarku, Allah ya saka.» Kafin a kunna kamara, a karanta wa dattijuwa ɗaya daga kowane gida, domin su ne suka san wanda bai kamata a tsallake ba.

A wannan yanki akwai ƙarin kula. Tun kafin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 mutane ke auna hanya kafin su fito, kuma wanda ya biyo ta Sheme ko Dandume yana son komawa da rana tsaka. A haska bidiyon da zarar an raba abinci. Kada a faɗi yawan gudummawar kowa, ko wanda ya ba da sa ko babur, domin bidiyo na yawo daga waya zuwa waya, ba ka san hannun da zai faɗa ba. A kuma ware jimla ga waɗanda hanya ta hana: «Mun san zuciyarku na nan, uzurinku karɓaɓɓe ne.»

Abin lura shi ne, kowa na ganin mai babbar riga a sahun gaba, ko ba a kira shi ba. Wadda ta wanke tukwane da kawun da ya yi addu'a daga Sabuwa su ne ke jiran a tuna da su, kuma su ya kamata marubucin saƙon ya fara sawa a takarda.