Falle Takwas Ba Ya Isa

Malamin da ya samu taswirar Najeriya a fayil ɗin PDF, mai girman A1, yana son ya manna ta a bangon aji, amma firintar da ke makaranta ko shagon buga takardu na bakin titi takardar A4 kawai take ci. Mafita ita ce a raba taswirar gida-gida, a buga kowane gida a falle ɗaya, sannan a haɗa da hannu. Da ya zauna lissafi, zai ga abin kamar a fili yake. Takardar A1 faɗinta milimita 594 ne, tsawonta 841, ita kuwa A4 210 ce da 297. An tsara girman takardun nan ne ta yadda kowace idan aka ninke ta biyu sai ta ba da ta ƙasa da ita, saboda haka A4 takwas ne ke cikin A1 cif. Sai ya ƙirga falle takwas ya nufi shago, kuma a nan ne lissafin zai ba shi kunya.

Dalili shi ne firinta ba ta kai tawada har bakin takarda. Yawancin firintocin ofis suna barin farin gefe na kamar milimita huɗu zuwa biyar a kowane ɓangare. Idan muka ɗauka biyar ne, abin da ke buguwa a fallen A4 ya koma 200 da 287. Bayan wannan kuma akwai rarar da ake bari domin haɗi, wato ɗan yankin hoto da ake maimaitawa a bakin falle biyu masu maƙwabtaka, don a ɗora ɗaya kan ɗaya a ga layi ya hau layi. Tela ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta: ba ya yanka yadi daidai awon jiki, sai ya bar abin da ɗinki zai ci. Idan rarar milimita 10 ce, fallen farko yana ba da faɗin 200, amma kowane falle da ya biyo baya 190 kawai yake ƙarawa.

To a jera su a tsaye a gani. Falle uku a jere suna ba da 200 da 190 da 190, wato 580, alhali ana neman 594. Saura milimita 14, abin da bai kai faɗin babban yatsa ba, amma dole a ƙara sahu na huɗu dominsa. Ta wajen tsawo kuwa falle uku sun isa, domin 287 da 277 da 277 sun ba da 841 daidai. Ke nan falle goma sha biyu, uku daga cikinsu kusan farare fat, ɗan siririn hoto ne kawai a gefensu. Idan aka kwantar da takardun ma abin ya fi muni, sai an kai sha biyar. Abin lura a nan shi ne mahaɗa tana da nata kason, kuma wanda bai ware mata tun wajen lissafi ba, zai biya a wajen manni, ko da giɓi fari a tsakiyar jihar Kaduna ko da sunan gari da ya rasa harafi.

Ga taswirar aji, maganin mai sauƙi ne. A manhajar Adobe Acrobat Reader, idan aka shiga `Print` aka zaɓi `Poster`, akwai gurbin `Tile Scale` na girma da gurbin `Overlap` na rarar haɗi. A sa girman ya zama 97 maimakon 100, sai taswirar ta koma kusan 576 da 816, ta shiga falle tara, uku sau uku. Babu ɗalibin da zai lura an rage kashi uku cikin ɗari. A duba ma'aunin da gurbin rarar ke amfani da shi, domin a wasu kwamfutocin inci ne, kuma milimita 10 ta yi kusan inci 0.4. A kuma kunna `Cut marks` da `Labels`, na farko yana nuna inda za a yanka, na biyu yana rubuta matsayin kowane falle a gefensa. Wanda ya taɓa zama gaban takardu tara da iskar fanka ta hargitsa, rabinsu babu komai sai launi ɗaya, ya san amfanin wannan rubutu.

Amma akwai aikin da ba a taɓa masa girma ko kaɗan. Idan fayil ɗin fatan ɗin riga ne da za a ɗora kan yadi, ko zanen da kafinta zai bi ya yanka katako, ragin kashi uku a tsawon 841 ya kai milimita 25, kuma wannan ya isa ya ɓata aiki. A nan a bar girman a 100, a haƙura da falle sha biyu. Haɗarin da ya fi yawa yana zuwa ne idan an riga an raba fayil ɗin gida-gida, sannan aka kai shago. Mai shago ya saba da zaɓin `Fit`, wanda ke ɗan matse shafi don ya shiga cikin farin gefe, kuma ba ya faɗa wa kowa ya matse. Abin da ake so shi ne `Actual size`. Hanyar ganewa ita ce a buga falle ɗaya tak tukuna, a ɗora rula a kan wani abu da aka san awonsa. Masu fatan da yawa suna sa ɗan murabba'in gwaji domin wannan. Idan na santimita 10 ya fito 9.6, a tsaya a gyara kafin a ɓata sauran. A kuma buga duka a firinta ɗaya, da takarda iri ɗaya, a zama ɗaya, domin firinta biyu ba safai suke ajiye hoto a wuri ɗaya a kan falle ba.

Wajen haɗawa, ba kowane gefe ake yankewa ba. A yanke farin gefen hagu da na sama kawai, da reza da rular ƙarfe a kan kwali, domin almakashi yana karkata. Gefen dama da na ƙasa a bar su, su ne shimfiɗar da maƙwabci zai hau. Fallayen da ke sahun hagu ba sa buƙatar yankan hagu, na sahun sama ma ba sa buƙatar yankan sama. Sai a ɗora, a nemi layi biyu masu nisa da juna, misali kogi a sama da iyakar jiha a ƙasa, a tabbata dukansu sun haɗu. Layi ɗaya yana iya haɗuwa alhali fallen ya ɗan juya. Jingina takardun a gilashin taga da rana yana sa a hango na ƙasa ta cikin na sama.

Ni na fi son a fara da fallen tsakiya a fita waje, maimakon a faro daga kusurwa. Kuskuren milimita ɗaya a kowace mahaɗa taruwa yake yi, kuma idan an faro daga kusurwa, duk yana sauka ne a kusurwa ta ƙarshe. A kafa da ƙananan guntayen salatif tukuna, har sai duka taran sun zauna, sannan a juya a bi kowace mahaɗa ta baya da dogon salatif. Gam mai ruwa yana sa takarda ta kumbura ta yi ƙudundune, idan kuma firintar mai tawadar ruwa ce, launin ma yana iya zuba. Gam na sanda ya fi, a shafa shi a kan shimfiɗar, a danna da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Taswirar da za ta kwana a bangon aji har damina, a manna ta a kan kwali kafin a rataye, domin laima tana fara buɗe ta ne daga mahaɗa.