Muryarsa Ce, Amma Maganarsa Ce?

Da yawa daga cikinmu masu rubuta manhaja mun taɓa karɓar wannan aiki, musamman da azumi: an turo mana bidiyon tafsiri na awa ɗaya, an ce mu ciro wuri mai daɗi don a ɗora a status. Aikin ba ya cin minti biyu. Ga umarnin da muka saba bugawa:

```
ffmpeg -ss 00:31:10 -to 00:32:40 -i tafsiri.mp4 -c copy yanki.mp4
```

Sakan 90 sun fito, murya ta malam ce, fuska tasa ce, ba mu ƙara ko harafi ɗaya ba. Sai zuciya ta kwanta, mu ce ai ba mu yi masa ƙarya ba. Tambayar da ke damunmu ita ce: shin mutum zai iya yi wa wani ƙarya da kalmomin da suka fito daga bakin shi wanin?

A ɗauka ga abin da ke cikin wancan bidiyo. An miƙo wa malam takardar tambaya a kan mai gyambon ciki da azumi. A minti na 30 ya ce amsar ta kasu biyu. Kashi na farko shi ne wanda likita ya tabbatar masa ciwon ya zauna, ba a sa ran zai iya azumi nan gaba. Daga 31:10 sai ya ɗaga murya yana lallashi: "Kai ka sha azuminka, ka ciyar, babu ramuwa a kanka, addini bai zo don ya halaka ka ba." Ya kawo labari, jama'a suka yi kabbara. Sai a 32:50 ya ce: "Amma wanda ake sa ran zai warke, shi ramuwa ce a kansa idan ya samu sauƙi."

Mu kuwa mun fara a 31:10 mun tsaya a 32:40, domin nan ne wurin da ya fi taɓa zuciya. Sharaɗin ya tsaya a waje ta gaba, togaciyar ta tsaya a waje ta baya, sakan goma kacal bayan almakashinmu. Wata baiwar Allah da ciwonta na wata biyu ne ta ga yankin, ta ciyar, ba ta rama ba, kuma idan aka tambaye ta za ta ce malam ne ya faɗa. Shi kuwa bai faɗa ba. Mu muka faɗa, da muryarsa.

Wannan matsala ta girmi wayar hannu da ƙarnoni. Malaman hadisi sun tattauna ko ya halatta a ruwaito wani ɓangare na hadisi a bar saura. Imam Bukhari kansa yakan raba hadisi ɗaya a babobi daban-daban. Matsayar da Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya bayyana ita ce taƙaitawa ta halatta ga wanda ya san abin da ke canza ma'ana, muddin abin da ya bari ba shi da alaƙar da za ta sauya abin da ya kawo, kamar togaciya. Masana tajwidi ma suna hana tsayawa a inda ma'ana ke juyewa. Duk ɗan makarantar allo da ya kai Suratul Ma'un ya san aya ta 4 ba ta cika sai da ta 5, domin ta 5 ce ke fayyace waɗanne masallata ake yi wa gargaɗin. Wato an daɗe da gane cewa inda ka tsaya ma magana ce.

To yaya za mu duba? Abu na farko, mu saurari minti biyar kafin yankin da minti biyar bayansa, muna kasa kunne ga ƙananan kalmomin da ke riƙe da ma'ana. Ta gaba, mu nemi "idan", da "wai", da "sai ka ji wani ya ce", da "mai tambaya yana cewa". Malamai sukan karanta tambaya ko su kwaikwayi ra'ayin da za su rusa, kuma da ƙarfin murya suke yi. Wanda ya yanke "wai" ya mayar da abin da malam ke ƙaryatawa ya zama fatawarsa. Ta baya kuma, mu nemi "amma", da "sai dai", da "in banda". Idan kalmar farko bayan inda muka tsaya ɗaya ce daga cikinsu, ba mu gama yanka ba.

Abu na biyu, mu saurari fayil ɗin da ya fito, ba lambobin da muka buga ba. Bidiyo ba ya ajiye cikakken hoto a kowane lokaci, sai jefi-jefi, kuma idan muka yi amfani da `-c copy` yankin yakan faro daga cikakken hoton da ya gabaci inda muka nuna. Saboda haka yana iya farawa da wutsiyar wata jimla da ba mu yi niyya ba. Haka kuma idan za a daddatsa shi don status, kowane guntu yana iya tafiya shi kaɗai, don haka kowanne sai an saurare shi kamar babu 'yan uwansa.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci, kuma daga sana'armu muka koye shi. Wanda ya rubuta manhaja shi ne mafi rauni wajen gwada ta, domin ƙwaƙwalwarsa na cike masa giɓi ba tare da ya sani ba. Mu da muka ji karatun gaba ɗaya, sharaɗin yana kanmu, sai mu riƙa jin sa ko da ba ya cikin yankin. Maganin shi ne mu miƙa yankin ga wanda bai ji karatun ba, mu ce masa: "A jimla ɗaya, me malam ya ce a yi?" Idan ƙanwarmu ta amsa da "mai olsa ba ya ramuwa", gwaji ya faɗi. Sai mu tsawaita yankin daga minti na 30 har ya wuce 32:50, ko mu haƙura da shi. Taken da za mu rubuta a kai ma sai ya bi ta wannan gwaji, domin mutane da yawa take suke karantawa su tura.

Wani zai ce, ai kowane yanka yana zubar da wani abu, kuma ba kowa ke da datar kallon awa ɗaya ba. Gaskiya ne. Ba a neme mu kada mu zubar da komai ba. Labarin da malam ya bayar, da raha, da maimaici, duk za su iya tafiya. Abin da ba zai tafi ba shi ne wanda idan aka dawo da shi, mai sauraro zai canza abin da zai aikata.

Wani kuma zai ce, "an yanke mini magana" ta zama mafaka ga duk wanda ya yi katoɓara. Wannan ma yana faruwa. Amma gwajin ba kariya ba ce ga malamai, awo ne. Idan wanda ya ji yankin da wanda ya ji cikakken karatun suka fito da jimla iri ɗaya, to maganar tasa ce, shi zai amsa ta. Shi ya sa ya dace mu rubuta ranar karatun da mintin da muka yanko a jikin kowane yanki, don mai shakka ya koma ya auna mu.

Mun fi tsoron maƙiyin malam da ke yanka don ya ɓata shi. Amma a misalinmu babu maƙiyi ko ɗaya. Almajiri ne mai ƙauna, ya zaɓi wurin da ya sa shi hawaye, ya tsaya sakan goma kafin "amma".