Hanya biyu, ko hanya ɗaya mai suna biyu?

Kusan kowace uwa ta taɓa cewa ɗiyarta ta nemi na kanta. Maganar ta zama kamar gaisuwa, ana jin ta ana wucewa. Amma akwai wata wasiƙa da ƙawata ta ba ni izini in yi magana a kanta, wadda innarta ta aiko mata daga wani gari kusa da Madarunfa, kuma ita ba ta tsaya ga "ki nemi na kanki" ba. Ta ƙara da cewa: "Kada ki bari tuwonki ya fito daga hannu guda, ko da hannun naki ne." Wannan ƙarshen jimlar nake so mu duba, don a ganina nan ne maganar ta ke da nauyi, nan ne kuma ake iya yi mata gardama.

Uwar ba ta yi lakwal ba. Ƙanen ƙawata ne ya rubuta, ita tana faɗi. Ba a ambaci sunan ɗiyar ko sau ɗaya ba, "ke yarinya" kawai, saboda ɗiyar fari ce. Mu da ke karatun harshe muna son irin wannan abu: alkunyar da ta hana uwa kiran suna ba ta hana ta buɗe lissafin sana'arta tun daga jari har riba ba, abin da ko mijinta, in ji ƙawata, bai taɓa ji ba.

Sana'arta man gyaɗa. Ga yadda ta kawo lissafin, da farashin shekarar da take magana a kai. Ta sayi tiya 10 ta ɓararriyar gyaɗa, kowace tiya sefa 1.500, jikka 15 ke nan. Suya, niƙa a inji, itace da ruwa su ci jikka 2. In ta matse ta samu wajen lita 8 na mai, ta sai da a jikka 12. Tunkuzar da ta rage ta murza ta, ta soya ƙuli-ƙuli na jikka 8. Ta kashe 17, ta samu 20. Jikka 3 ita ce ladar kwana biyu na hayaƙi da ciwon baya. Duk mai wannan sana'a ta san cewa man ba ya wuce ƙoƙarin mai da jari, riba tana cikin ƙuli-ƙuli.

Shekaru tana ganin tana da sana'a biyu, tunda masu sayen mai daban, yaran da ke sayen ƙuli daban. Sai shekarar da damana ba ta yi kyau ba, tiya ta kai 2.000. Kuɗin da za ta kashe suka zama jikka 22. Ba ta iya ƙara ma mai kuɗi yadda take so, don man jarka da ake shigowa da shi daga waje yana nan a kanti, mai saye zai juya can. Ƙuli kuwa na ƴan dala-dala ne, in ta rage mashi girma yara su koma wurin maƙwabciya. Rana ɗaya abubuwan biyu suka tsaya. Shi ne ta ce a wasiƙar: "Ashe abu guda nika yi, na ba shi suna biyu."

Wannan ita ce ma'aunin da ta ba ɗiyarta, kuma ya fi abin da muke ji wurin masu koyar da sana'a sauƙin ganewa. Kada ki ƙirga hanyoyinki da yawan abin da kike sayarwa. Ki tambayi kanki: wane abu ne in ya faru zai kashe wannan, kuma shin zai kashe waccan tare da ita? Mutanen Maraɗi sun ga amsar da idonsu. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, macen da ke sai da atamfa da kayan roba da takalma ta gane cewa duka ukun ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa. Aka sake rufewa a 2023. Kaya uku, ƙofa guda.

Daga nan uwar ta sayi jar akuya. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5, kuma jar akuyar Maraɗi ta saba haihuwar biyu, ba ruwanta da farashin man jarka. Amma uwar ba ta ruɗi ɗiyarta ba, ta faɗa mata cewa farin da ke sa gyaɗa tsada shi ne ke sa harawa tsada, kuma lokacin da kowa ke fitar da dabba kasuwa don ya sayi hatsi, lokacin ne dabba ba ta da daraja. Wato ko akuyar ba ta rabu da gyaɗar gaba ɗaya ba, igiyar ce ta fi tsawo. Abin da ya fi nisa da su duka shi ne kitso, wanda ba ya son jari sai hannu da tsinke. Adashi kuma ta ce kada a sa shi cikin lissafi, rumbu ne ba gona ba, abin da kika zuba shi za ki kwasa.

To yanzu ga gardama. Da na karanta ma wasu kamarad wannan wasiƙa, ɗaya ya ce wannan ai koya ma yarinya rashin yarda ne. Tun ba ta yi aure ba ana ce mata ta shirya ma ranar da miji zai gaza. Ya ƙara da cewa shari'a ta ɗora ci da sha da tufafi a kan miji, me ya kai uwa ga tsoratar da ɗiya? Wata kuma ta ce akwai ƙarancin tawakkali a ciki.

Maganar tawakkali ba ta daɗe ba, don kowa ya san an ce a ɗaure raƙumi tukuna. Ta rashin yarda ce ke son a zauna. Shari'ar da ya ambata ita ce kuma ta ce dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da abin da ta nema, miji ba shi da iko a kai sai da yardarta. Kuma wasiƙar ba ta zargi kowa ba. Baban ƙawata malamin kwantaragi ne, mutumin kirki, albashinsa ne ke jinkiri wata da watanni. Ba shi ya gaza ba, hannun da ke ba shi ne ya tsaya. Shi ya sa uwar ta ce "ko da hannun naki ne". Wadda ke zargin miji ba za ta haɗa da kanta ba. Abin da take cewa shi ne kowane hannu yana gajiya, na miji, na gwamnati, na mai sana'a da kanta ranar da masassara ta kwantar da ita.

Ni a ganina ma maganar ta juya ne. Akwai bambanci tsakanin "yarda da" mutum da "dogara ga" mutum, harshenmu da kansa ya raba su. Ana dogara ga sanda, kuma wanda ya dogara ga sanda guda ba ya iya ɗaga ta ya duba ko ta tsage, don in ya ɗaga zai faɗi. Macen da duk abincinta ke fitowa daga mutum ɗaya ba ta da halin faɗa mashi gaskiya mai ɗaci, kowane "to" nata ba a san ko na so ne ko na tsoro ba, ita kanta ba ta sani ba. Wadda ke da akuya biyu a bayan ɗaki, in ta ce "na yarda", an san da gaske take. Mu ƴan makaranta mun san wannan fiye da yadda muke faɗi. In bus ta yi jinkiri wata uku, gida kuma ba a aiko ba, mun san motocin da ke tsayawa bakin ƙofa da marece, mun san su wa ke shiga. Ba na cewa talauci ne kaɗai dalili. Amma wadda ta yi kitson kai huɗu ran asabar tana da bakin cewa a'a, wadda ba ta ci ba tun jiya bakinta ya yi nauyi.

Sai dai akwai inda wasiƙar ke ban tsoro, kuma ba inda kamarad ɗin ya nuna ba ne. Mun sha ganin gidan da mace ta fara samu, sai maigida ya fara manta kuɗin cefane. Yau magi, gobe sabulu, jibi kuɗin kayi na yara. Kafin shekara ta zagayo, macen da ta nemi hanya ta biyu don kada ta dogara ga hannu guda ta zama ita ce hannu gudan da gida duka ya dogara gare shi. Uwar ta san da wannan. Ta rubuta: "Riba ki ci da kowa, uwar kuɗi kuwa ko ni na roƙe ki kada ki ba ni." Shawara ce mai kyau, amma wa zai iya riƙe ta ranar da yaro ke kuka, tukunya ba komai, jarin kuma yana ɗaure a bakin zane? Wasiƙar ta ɗora ma ɗiya nauyin gyara abin da ba ita ta ɓata ba. Da uwar ta rubuta ma ƙanen da ya riƙe mata biro irin wannan wasiƙa, a kan kada ya sake nauyinsa don matarsa tana samu, da na fi jin daɗi. Ba ta rubuta ba, kuma ban taɓa jin an rubuta irinta ba.

Abu na ƙarshe shi ne iyakar shawarar kanta. Jikka 17 in aka raba ta uku ba ta zama sana'a uku, tana zama babu. Uwar ba ta sayi akuya ba sai da man gyaɗa ya tsaya da ƙafarsa, da kwasar adashinta ta saya, ba da jari ba. Haka lokaci yake. Jarin ɗaliba ba kuɗi ba ne, sa'o'inta ne, kuma karatun shi ne hanyar da ba ta fara haihuwa ba tukuna. Ƙawata tana kitso ran asabar, ta aika an saya mata ƴar akuya tana hannun innarta, yanzu kuma tana son ta ƙara da sai da turaren wuta a ɗakunan kwana. Ita tana ganin bin maganar uwa take yi. Ni na ce mata masu sayen turaren su ne masu zuwa kitson, dukansu bus guda suke jira, kuma jarrabawar ilimin furuci saura sati uku. Ta ce za ta tambayi inna in ta je hutu.