Ma'aikaci, Fara da Ƙafarka Kafin Ka Biya Kuɗin Jim

Malamin makaranta a Gwandu, ma'aikaciyar jinya a Kalgo, tela da ke wuni a kan keke, duk wanda tumbi ya fara matsa wa riga yana da tambaya guda: in riƙa tattaki da safe, ko in biya kuɗin wata a gidan motsa jiki da ake ce wa jim? Amsata ga sabon shiga mai ƙarancin lokaci ita ce, tashi ka taka. Kuɗin jim ya jira tukuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Raba 150 gida biyar, ka samu minti 30 a rana, daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda ya yi niyyar jim a Birnin Kebbi kuwa, in daga Gwandu zai taso, lokacin da zai ɓata a hanya kaɗai ya zarce wannan, ban da kuɗin mota. Abin da ke nesa shi ake fara yi wa fashi ranar da aiki ya yi yawa.

Ɗauki ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi mazaunin Kalgo, wanda ake jira a ofis ƙarfe takwas. Yana idar da sallar Asuba, gari ya fara wayewa, sai ya ɗaura takalmi ya kama hanya. Makon farko minti 15 ya ishe shi, rabi zuwa, rabi dawowa. Kowane mako ya ƙara minti 5, a mako na huɗu ya kai 30, wato kusan kilomita biyu da rabi. Kafin bakwai ya yi wanka ya karya.

Amma fa tafiyar zuwa sayen ƙosai ba ita ake nufi ba. Sauri ake so, kamar taku 100 a minti: ƙirga na daƙiƙa 15, in ka samu 25 ka kai. Wata alamar ita ce numfashi ya ɗaga, kana iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa. In hira na zuba babu ko haki, ƙara mai.

Tattaki yana da iyakarsa. Yana gyara zuciya, yana taimaka wa hawan jini da sukari, amma ba ya gina ƙirji da damtse. A nan jim ya fi, sai dai sabon shiga zai iya cike giɓin a tsakar gida. Talata da Asabar, zauna a kujera ka miƙe sau 10 ba tare da dafa komai ba, dafa bango ka tura jikinka sau 10, sannan ka ɗauki jarka biyu masu lita 5 ka zagaya gida. Maimaita sau biyu. 'Yar'uwa da fita da sassafe ke yi wa wuya, ki nemi abokiya ku zagaya filin makarantar unguwa.

Kurakuran sabon shiga sanannu ne. In ƙwabri ko diddige na ciwo da safe, alama ce ka yi gaggawar ƙara nisa ko kana tafiya da silifas, don haka rage, ka nemi takalmi mai igiya. A bakin titi bi gefen hagu, kana fuskantar motoci. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sha ruwa kafin fita kuma ka gama da wuri. Da hunturu rufe hanci saboda ƙura. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara zuwa asibiti a auna shi. Ciwon ƙirji ko jiri a hanya kuwa, tsaya nan take ka nemi likita.

Kada sikeli ya karya maka gwiwa. Abin da minti 30 ya ƙona, kwalbar lemo ɗaya na iya mayar da shi, shi ya sa nauyi ke jinkirin sauka. Auna ci gabanka da agogo: nisan da ya ci maka minti 30 a farko, in bayan mako 8 kana cinye shi a 26 ko 27, jiki ya karɓa. A lokacin, in kana son ɗaga ƙarfe kuma jim na kan hanyar aikinka, biya wata ɗaya kawai ka gwada. Kafin nan, ajiye takalmi a bakin ƙofa tun daren yau, ka sanar da maƙwabcinka cewa gobe bayan Asuba tare za ku fita.