Takardar da Ba Ta da Suna

A wata makarantar sakandare ta kwana an yi wani yaro ɗan aji ɗaya da ake ce wa Auta, don shi ne ƙarami a ɗakin kwanansu. A zangon farko ya zo na uku a aji. Da aka fitar da sakamakon zango na biyu sai ga shi na talatin da ɗaya. Malamai suka taru a ofis, wani ya ce yaron ya samu sake ne, wani ya ce kewar gida ce, wani kuma ya ce bulala biyar za ta dawo da shi hanya.

Malamin lissafi bai ce komai ba, don ya san ruwa ba ya tsami banza. Ya ɗauko rajista da littattafan gwaji ya zauna da su. Ya ga darussan da Auta ya fi faɗuwa su ne na farkon safiya, kuma duk aikin da aka bayar a yi lokacin firef ba ya kawowa. Ya lura cewa idan an fita tara yaron ba ya zuwa filin wasa, yana raɓewa ne a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin malamai. Mai kula da ɗakin shan magani ya ce masa Auta yakan zo da ciwon ciki, a duba ba a ga komai ba.

Ran nan bayan la'asar Malam ya sa shi ya ɗauko masa littattafai zuwa gida. Da yaron ya miƙo su sai ya ga tafin hannunsa duk kanta. Ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya yi masa alkawarin ba wanda zai ji sunansa. An daɗe kafin Auta ya buɗe baki. Ashe siniyoyi huɗu ne suka raba shi a tsakaninsu. Tun kafin kiran asuba suke tashinsa ya cika musu bokitai a rijiyar burtsatse, lokacin firef yana wanke musu yunifom, naman da ke kan gabzarsa nasu ne, garin kwaki da sukarin da ya zo da su kuwa ba su kwana uku a akwatinsa ba. Ranar da ya makara, tsallen kwaɗo ne a bayan ɗakin kwana, sauran yara na tsaye suna kallo, wasu na dariya. Babban cikinsu shi ne shugaban ɗakin, wanda makaranta da kanta ta ɗora a kan yara.

Malam ya kai maganar gaban Shugaban makaranta. Malamin ɗakin kwana na ji ya miƙe, ya ce gobe a fito da su huɗun gaban asambuli a zane su, kowa ya ga aya. Shugaba ya riga ya sa a nemo dorina, sai tsohon mataimakinsa ya yi gyaran murya. Ya ce, ranka ya daɗe, an taɓa yin haka a nan. An zane wasu siniyoyi da safe, da dare suka rufe wanda ya kai ƙarar da bargo suka lakaɗa masa duka, aka laƙa masa sunan ɗan rahoto, mako bai zagayo ba ubansa ya zo ya tafi da shi. Tun daga ranar ba yaron da ya sake kawo ƙara, malamai kuma suka ɗauka cin zali ya ƙare.

Shugaba ya tambayi malamin lissafi ko yana da wata dabara. Malam ya ce a ƙasar Norway, bayan wasu yara uku sun kashe kansu a 1982 saboda cin zalin 'yan makarantarsu, wani masani mai suna Dan Olweus ya fito da tsarin da ke farawa da tambayar dukan ɗalibai a takarda ba tare da suna ba, kuma a makarantun birnin Bergen cin zali ya ragu da kusan rabi. Ya ce a Finland kuma tsarin KiVa ya fi sa ido kan 'yan kallo, don dariyarsu ce ladan azzalumi.

Daren nan Shugaba bai yi barcin kirki ba. Dorina ta fi sauƙi, kuma iyaye za su ce ya yi ƙoƙari. Amma ya san bayan asambuli kowa zai koma gidansa, Auta ne kaɗai zai kwana ɗaki ɗaya da waɗanda aka zane. Da gari ya waye ya mayar da dorina aljihun tebur, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar Litinin aka raba wa kowane aji takarda mai tambaya uku: me ake yi maka ko ka ga ana yi wa wani, a ina, da wane lokaci. Da aka tattara, wurare uku suka yi ta maimaituwa: bakin burtsatse kafin asuba, bayan ɗakin cin abinci, da ɗakin kwana lokacin firef. Duka ukun ba malamin da ke leƙawa. Aka kuma gano cewa irin Auta suna da yawa.

Sai aka ware wa 'yan aji ɗaya ɗakinsu, aka sa malamin da ke bakin aiki ya riƙa zagaya waɗannan wurare, aka fara kiran suna a firef. Aka karɓe ikon horo daga hannun shugabannin ɗalibai, iyakarsu su kai rahoto. Siniyoyin nan huɗu Shugaba ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce takardu sun nuna abin da suke yi, ya sauke shugaban ɗakin, ya ce bayan mako biyu zai sake zama da kowannensu. Malamin lissafi kuma ya keɓe yara uku da ake jin maganarsu a ajin Auta, ya roƙe su su riƙa cin abinci tare da shi, in sun ga ana wulaƙanta wani su bar wurin su sanar da malami.

Uku daga cikin siniyoyin suka daina. Na huɗun ya koma tare yara a hanyar masallaci, sai aka kira mahaifinsa aka dakatar da shi. Auta ya samu barci, amma karatun bai dawo nan take ba, don darussan da suka wuce shi su ne tushen na gaba. Sai da Malam ya riƙa zama da shi da yamma suna bin su ɗaya ɗaya. Ƙarshen shekara ya zo na goma sha biyu. Shugaba ya sa a riƙa raba takardar kowane zango, don ya ga cin zali na sauya wuri idan an toshe masa wani.

To, kai uba da ke uwa, in ɗanku ya dawo hutu da sakamakon da ya rushe, kafin ku tambaye shi na nawa ya zo, ku tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, kuma wa yake tashinsa.