Minti Biyar Ɗin Da Ka Roƙa Alkawari Ne

Tun da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, ma'aikatu da 'yan kasuwa suke ta ƙaruwa, daga baya jami'ar jiha ta zo a 2008. Wayar duk wani mai abin yi ba ta hutawa. Shi ya sa matashin da ke Barade zai kira wani babba sau da dama ba a ɗauka ba, ya ce girman kai ne. Sau da yawa tsoro ne kawai: wanda ake kira bai san ko maganar za ta ci masa minti biyu ko rabin awa ba, ga masu saye tsaye a ƙofar shago.

Maganin wannan tsoro shi ne ka faɗa masa tsawon maganar tun kafin ka kira. A ce wani saurayi ya noma masara buhu ashirin, yana neman shawarar wani dattijo mai harkar hatsi a babbar kasuwa. Sai ya fara tura saƙo: "Assalamu alaikum, Alhaji. Ɗan maƙwabcinka ne na Barade. Ina roƙon minti biyar a waya. Tambaya ɗaya ce: in sayar da masarata yanzu, ko in ajiye zuwa bazara? Bayan La'asar ko bayan Isha'i, duk wanda ya fi maka sauƙi." Yanzu Alhaji ya san mai nemansa, ya san abin da ake so, ya kuma san iyakar abin da zai ba da. Amsa wannan roƙo ya fi ƙin sa sauƙi.

Amma adadin mintocin da ka ambata ya zama bashi a wuyanka. "Minti ɗaya kawai" ta lalace a bakinmu, har ba mai gaskata ta, domin kowa ya taɓa ba da minti ɗaya aka cinye masa lokacin Azahar. Wanda ya ce biyar alhali ya san sha biyar yake bukata, ya sami izini ne da yaudara. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sa saɓa alkawari cikin alamomin munafuki guda uku, kuma ban ga dalilin da zai fitar da alkawarin lokaci daga ciki ba. A ganina ya ma fi wasu nauyi, don kuɗi ana iya mayarwa, amma mintin da ka cinye wa mutum ya tafi.

To, yaya minti biyar za su isa, mu da gaisuwarmu kaɗai kan kai haka? Ba a yar da gaisuwa, musamman ga na gaba. Ana taƙaita ta ne: "Alhaji, ina wuni, yaya kasuwa, yaya iyali?" Rabin minti ya isa. Sai minti ɗaya na bayani, wanda saurayin ya shirya tun da wuri: buhu nawa ne, ta bushe sosai ko da sauran danshi, a ina zai ajiye, yaushe yake bukatar kuɗin. Sauran lokacin na Alhaji ne, saurayin kuwa ya yi shiru ya saurara. Yawancin masu zarce lokaci a nan suke faɗuwa, su cika kunnen mutum da tarihin gona har lokaci ya ƙare ba su kai ga tambayar ba. Kuma katinka za ka ƙona. Wanda ya roƙi alfarma ba ya yin filashin.

Idan agogon wayar ya nuna biyar, saurayin ne zai fara cewa, "Alhaji, lokacin da na roƙa ya cika, na gode, Allah ya ƙara girma." In dattijon ya ce, "A'a, tsaya in ƙarasa maka," to wannan kyauta ce daga gare shi, sai a karɓa. Gobe in ya ga lambar nan, ba zai yi nauyin hannu ba.

Akwai maganar da ba ta shiga wannan ma'auni. Ta'aziyya, neman aure da sulhu na takawa ne da ƙafa. Haka nan rance: kada ka ce "shawara ce ta minti biyar" sannan ka ɓullo da roƙon kuɗi a tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne. In ba za ka iya rubuta tambayarka a jimla ɗaya ba, maganarka ta fi minti biyar, sai ka nemi sha biyar ko ka roƙi a ba ka ranar zuwa gida.

Ɗan'uwa, kafin ka tura saƙo na gaba, karanta bayaninka da babbar murya kana duban agogo. Abin da agogon ya nuna, haɗe da lokacin amsa, shi za ka rubuta.